Kurakuran da aka fi yi a rubutun sanar da sabon suna da sabon tambari

Mai kasuwanci kan shafe watanni yana zaɓen suna da launi, amma abokin ciniki a cikin daƙiƙa biyu yake cin karo da su. Yana duba wayarsa sai ya ga baƙon suna da baƙon hoto a shafin da bai tuna ya taɓa bi ba. Abin da zai fara zuwa masa shi ne ko an yi wa shafin kutse, ko an sayar da kamfanin.

Kuskure mafi girma shi ne ɓoye tsohon suna. Da yawa kan buɗe da "Albishirinku! Mun buɗe sabon babi", sai a layi na biyar tsohon sunan ya fito. A Instagram kuwa kimanin haruffa 125 na farko kawai ake gani kafin a danna more, kuma ba kowa ke dannawa ba. Don haka tsohon suna, sabon suna da ranar da canjin zai fara aiki su shiga jimlar farko. A hoton ma a jera tambarin biyu, tsoho da sabo, domin tsohon shi ne wanda idon mutane ya sani.

Na biyu, dogon sharhi kan tambari: shuɗi na nufin amana, da'ira na nufin haɗin kai. Wannan zancen mai zane ne da mai kamfani. Jimla ɗaya ta isa, a faɗi abin da mutum zai gani don ya gane kayan. Dalilin canjin ma jimla ɗaya, amma ta gaskiya. Idan ba a faɗi dalili ba, mutane za su ƙirƙiro nasu. Kada kuma a kushe tsohon tambari a ce ya tsufa, wasu saboda shi suka saba da ku. Kamfanin tufafi na Amurka, Gap, ya fito da sabon tambari a Oktoban 2010 ba tare da ya shirya zukatan mutane ba, cikin kusan mako guda ya koma wa tsohon.

Inda aka fi yin sake shi ne wajen kwantar da hankali. "Babu abin da ya canza" ba ta kwantar da hankalin kowa, tunda ga suna ya canza a gabansa. Wanda ya biya kuɗin kaya jiya yana son jin ko odarsa na nan. Mai garantin wata shida yana son sanin ko rasit mai tsohon suna zai yi aiki. A lissafo su ɗaya bayan ɗaya: masu kamfani, ma'aikata, lambar waya, farashi, garanti. Abin da ba ku da tabbacin zai tsaya yadda yake, kada ku saka shi. Lokacin da kamfanin Facebook ya koma Meta a Oktoban 2021, an fayyace cewa sunan kamfani ne ya sauya, manhajojin Facebook, Instagram da WhatsApp na nan da sunayensu.

Batun asusun banki yana bukatar kulawa ta musamman, domin lokacin sauya suna kasuwar 'yan damfara ke buɗewa. Sai su kama tsohon sunan shafin da aka saki, su riƙa tura wa mutane "sabuwar lambar asusu". Idan lambar ba ta canza ba, a faɗa ƙarara. Idan sunan da ke fitowa wajen tura kuɗi zai ci gaba da zama tsohon na ɗan lokaci, shi ma a faɗa, in ba haka ba mai biya zai ga sunaye biyu ya fasa.

Ga misalin mai sayar da takalma ta intanet da ya ƙara jakunkuna da tufafi:

"Daga 1 ga Maris, [tsohon suna] ya koma [sabon suna]. Mu ne dai, suna da tambari kawai muka sauya. Mun fara da takalma, yanzu akwai jakunkuna da tufafi, tsohon sunan ya yi mana kaɗan. Za ku gane mu da tambari mai launin kore. Odar da kuka riga kuka biya za ta iso a ranar da muka yi alkawari, tsohon rasit da garanti suna aiki. Lambar waya da lambar asusu ba su canza ba, duk wanda ya turo muku wata daban ba mu ba ne. Har ƙarshen Afrilu za ku iya samun kaya a tsohon kwali, namu ne. Mai tambaya ya turo saƙo."

Layin kwalin nan ana yawan mantawa da shi, alhali shi ke hana a ɗauka jabu aka kawo. Bayan wallafawa a maƙale sanarwar a saman shafi, a kuma bar "wanda aka sani da [tsohon suna] a da" a bayanin shafin aƙalla wata uku, saboda mai sayayya sau biyu a shekara ba lallai ya ga sanarwar ranar farko ba.