BABI NA 6: Rashin aiki iri uku ne, kuma kowanne da maganinsa

Darasi na 1: Wane ne marar aiki?

Ku buɗe littafi, ku ɗora yatsa a kan layin farko. Kada kowa ya yi sauri, za mu bi a hankali.

A wannan babi, idan muka ce mutum ba shi da aiki, abu 3 muke nufi a tare. Yana da ƙarfin yin aiki, yana neman aikin, kuma bai samu ba. Tsohon da ya ajiye aiki yana hutawa ba ya cikin lissafi. Ɗalibin da ke makaranta ba ya ciki. Mai jinya a kwance ma ba ya ciki, Allah ya ba shi lafiya. Sai wanda yake iyawa, yake nema, bai samu ba.

Masana tattalin arziki sun raba rashin aiki gida uku, bisa ga abin da ya jawo shi. Za mu ba kowane gida suna mai sauƙi. Ku rubuta su a littafinku, kowanne a layinsa:

1. Na canjin aiki
2. Na sauyin zamani
3. Na faɗuwar kasuwa

Wanda bai gama rubutawa ba ya ɗaga hannu, za mu jira shi. Babu kunya a wannan aji.

Darasi na 2: Na canjin aiki

Wannan shi ne mafi sauƙi. Mu ce wani tela yana ɗinki a shagon maigidansa, sai suka saɓa a kan kuɗin aiki, ya bar shagon. Garin cike yake da shagunan ɗinki, kuma ana neman mai hannu irin nasa. Amma bai san wane shago ne ke da keke babu mai hawa ba, su ma masu shagunan ba su san ya bar wurinsa ba. Ya yi mako 3 yana tambaya, sannan ya samu wuri. A cikin makonnin nan 3 shi marar aiki ne.

Ku lura da kyau. Aikin yana nan, mutumin ya iya aikin, haɗuwa ce kawai ba su yi ba tukuna. Haka yarinyar da ta gama karatun ungozoma tana jiran a kira ta, haka direban da ya ƙaura daga Gusau zuwa Zariya yana neman mai mota. Irin wannan ba ya ƙarewa a kowace ƙasa, domin kullum akwai mai barin wani wuri yana neman wani. Maganinsa labari ne, wato ka sanar da abokan sana'a da shugabannin ƙungiyarku cewa kana nema, ka bar lambar wayarka.

Darasi na 3: Na sauyin zamani, da tambayar da ba a mantawa

A nan ne ɗalibai suka fi tuntuɓe, don haka za mu daɗe. Na koyar da wannan babi sau da yawa, kuma kusan kowane aji sai an cakuɗa na 2 da na 3. Ba laifinku ba ne, a ido kama suke yi. Duka biyun mutum ne zaune a gida, an rufe wurin aikinsa. Abin da ke raba su tambaya ce guda ɗaya. Ku rubuta ta da manyan baƙaƙe, ku ja layi a ƙarƙashinta:

IDAN KUƊI SUKA DAWO HANNUN JAMA'A GOBE, ZA A SAKE KIRAN WANNAN MUTUM GA AIKINSA NA DA?

Idan amsa “e” ce, faɗuwar kasuwa ce. Idan amsa “a'a” ce, sauyin zamani ne. Mu karanta tare sau 2, da ƙarfi.

Yanzu mu gwada. Manyanmu sun tuna lokacin da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001. Layi da tsada, waya da tsada, sai matasa suka kafa laima da teburi a bakin titi, kana biya a buga maka waya bisa minti. Mutane da yawa sun ci abinci da wannan sana'a. Yau ina suke? Mu yi tambayarmu. Idan kuɗi suka dawo hannun jama'a gobe, za a koma layi a ƙarƙashin laima don buga waya? A'a. Mai kuɗi ma wata wayar zai ƙara saya. To, wannan sauyin zamani ne. Sana'ar ce ta tafi, ba kuɗin mutane ba.

Mu ɗauki babban misali, wanda ni yake taɓa mini zuciya duk lokacin da na zo kansa. A unguwar Kakuri da ke Kaduna an buɗe masaƙa ta farko, wadda ake kira KTL, a 1957, wasu masaƙun suka biyo baya. Dubban magidanta suka dogara da su, har da manoman auduga a karkara. Sai abubuwa suka taru a kansu: wutar lantarki ba ta tsayawa, baƙin man da ake kunna tukunyar injin da shi ya yi tsada, injinan sun tsufa, ga atamfa mai araha daga ƙasar Sin tana kwararowa, wata ta kan iyaka a ɓoye. KTL ta tsaya a 2002, wasu suka bi sahu a shekarun da suka biyo.

Idan na tambayi aji wane iri ne wannan, sai in ji an amsa a tare, “Malam, kasuwa ce ta faɗi.” A'a. Ku dakata. Ba ku yi tambayar ba. Kun ji an ce an rufe kamfani, sai kuka yi tsalle zuwa amsa. Mu koma. Idan kuɗi suka dawo hannun jama'a, za a sake kiran masaƙin Kakuri ga injinsa?

Wannan ma ba sai mun yi hasashe ba, domin an gani. Bayan rufe masaƙun an yi shekaru man fetur yana da daraja a duniya, har ganga ta haura dala 100. Kuɗi sun zagaya. Kantin Kwari a Kano ya cika da masu saye, ana ta haɗa lefe, ana ta ɗinkin Salla. Mutane ba su daina sayen atamfa ba ko kaɗan, amma wadda aka saƙa a wata ƙasa suke saye. Mafi yawan masaƙan Kakuri ba a sake kiransu ba. Kun ga amsar: a'a. Saboda haka sauyin zamani ne.

Me ya sa nake matsa muku a kan wannan? Saboda mutumin da ya ɗauki sauyin zamani a matsayin faɗuwar kasuwa zai zauna yana jira. Zai ce bari abubuwa su gyaru. Shekara ta wuce, biyu, biyar, jarin da zai koyi wata sana'a da shi ya tafi a cefane. Wanda ya shekara 20 a kan injin saƙa gwani ne, babu mai musu, amma gwanintarsa ta injin da aka kashe ce. Ana iya neman mai haɗa wutar sola ko mai gyaran waya a titin gidansu, shi kuwa bai iya ba. Ana iya neman irin aikinsa a wani gari mai nisa, shi kuwa ga iyali ga kuɗin haya. Aiki yana nan, mutum yana nan, amma ba su dace da juna ba. Shi ya sa wannan iri ya fi daɗewa, kuma maganinsa koyon sabon abu ne ko ƙaura, duka biyun kuwa suna cin kuɗi da lokaci.

Mu sake gwadawa. Mai buga takarda da tafireta a bakin kotu, bayan kwamfuta ta zo. Kada ku ba ni amsa, tambayar nake so in fara ji. Yauwa, Hajiya, kin faɗe ta daidai. Za a sake kiransa? A'a. Wane iri ne? Sauyin zamani.

Ɗan ga-ruwa a unguwar da aka ja famfo kowane gida. Tambaya tukuna! Malam na baya, na ji ka ce “kasuwa” tun ban rufe baki ba. Wannan shi ne karo na 3 yau. Littafin nan ba ado ba ne, an ja layi a ƙarƙashin tambayar don a duba ta. Wanda ba zai yi tambayar ba, gara ya bar layin amsa babu komai, ya fi mini a kan ya cika shi da shaci-faɗi. To, mu yi tare. Idan kuɗi suka dawo, mai famfo a tsakar gida zai sayi ruwan garwa? A'a. Ka ga ashe ka sani.

Darasi na 4: Na faɗuwar kasuwa

Farashin man fetur ya fara faɗuwa a 2014, kuma a 2016 tattalin arzikin Nijeriya ya ja baya. Jihohi da dama suka kasa biyan albashi a kan lokaci.

Ku bi sarƙar. Ma'aikacin da ba a biya ba ya dakatar da gininsa. Birkila ya zauna. Mai buga bulo, mu ce yana da lebura 10, ya sallami 6. Mai sayar musu da shinkafa da wake ta rage tukunya, ta ce wa yarinyar da ke taya ta ta huta tukuna. Babu wanda ya manta aikinsa a cikinsu, kuma ba a daina buƙatar gida ba. Kuɗi ne suka janye.

Alamarsa ita ce yana kama sana'o'i da yawa a lokaci guda. Ku yi tambayar. Idan aka biya albashi, za a kira birkila? E. Faɗuwar kasuwa ke nan. Wannan iri, mutum ɗaya ba ya iya maganinsa, sai dai ya riƙe kayan aikinsa kada ya sayar, ya nemi abin taɓawa kafin ta juyo. Babban maganin yana hannun gwamnati da Babban Banki. Amma idan zaman ya yi tsawo har aka sauya yadda ake aikin, wanda ya fara a gida na 3 yana iya ƙarewa a na 2.

Darasi na 5: Cin rani

Wasu za su yi tambaya a kan manomin da ke zaune ba aiki da rani. Wannan na yanayin shekara ne, damina tana dawowa a kan lokacinta. Ba ya cikin ukun nan.

Aikin gida

Ku rubuta lamba 1, 2 ko 3 a gaban kowanne. Ku fara rubuta tambayar a saman shafi.

a) Makanike ya bar gareji, yana neman wani garejin.
b) Mai wankin hoto na fim, bayan kowa ya koma ɗauka da waya.
c) Kafinta ya rasa ciniki a shekarar da aka yi wata 5 ba albashi.

A kawo ranar Laraba.