Babi na Tara: Jadawalin da Aka Turo a Hoto, da Yadda Ake Gane Ko Abu Biyu Suna da Alaƙa

A ce malamin gona ya zaga fadamar Argungu lokacin noman rani, ya yi wa manoman shinkafa 200 tambaya biyu. Ta farko: kana cikin ƙungiyar manoma? Ta biyu: wane iri ka shuka, ingantaccen iri FARO 44 ko irin gida? Ya rubuta sakamakon a allo, wani ya ɗauki hoto da waya ya turo muku. Alƙaluman da ke ƙasa an shirya su ne don wannan darasi kawai. Ga abin da ke cikin hoton:

| | FARO 44 | Irin gida | Jimla |
|---|---|---|---|
| Yana ƙungiya | 60 | ? | 75 |
| Ba ya ƙungiya | 60 | 65 | 125 |
| Jimla | 120 | 80 | 200 |

Abin da muke son sani shi ne: shiga ƙungiya yana da alaƙa da irin da manomi ya shuka, ko kuwa kowanne tafiyarsa daban, ba ruwan wannan da wancan?

Ku fara kwafe hoton a takarda

Kada ku yi lissafi daga fuskar waya kai tsaye. Hoton allo yakan zo a karkace, sai ido ya zame daga layin sama ya faɗa na ƙasa. Wani lokaci hasken taga ya kashe lamba, ko 1 ta yi kama da 7, ko 3 ta yi kama da 8. Ku ja layuka a littafinku, ku kwafe gurbi bayan gurbi.

A hotonmu haske ya cinye lamba ɗaya, inda muka sa alamar tambaya. Ba sai an koma Argungu ba, jadawalin da kansa zai faɗa mana ita. ’Yan ƙungiya 75 ne, 60 daga ciki sun shuka FARO 44, saura 15 ke nan. Sai a tabbatar ta wata hanyar: masu irin gida duka 80 ne, a cire 65, nan ma 15. Tunda layin kwance da layin tsaye sun ba da amsa ɗaya, lambar ta zauna. Da sun saɓa, to akwai lambar da aka karanta ba daidai ba, sai a ƙara girman hoton a sake dubawa.

Ku kuma duba ko lambobin adadin mutane ne ko kaso cikin ɗari. In kun ga alamar % ko kowane layi ya ƙare da 100, kaso ne, kuma dole a nemi ainihin adadin mutanen kafin a yi lissafin da ke tafe.

Tarkon 60 da 60

Da yawa daga cikin ɗalibai suna kallon layin FARO 44 sai su ce: “Malam, ai magana ta ƙare. ’Yan ƙungiya 60, waɗanda ba sa ciki su ma 60. Babu bambanci.” Wannan ita ce amsar da ta fi saurin zuwa, kuma ba daidai ba ce.

Sittin ta farko an ɗebo ta daga cikin mutum 75. Sittin ta biyu daga cikin mutum 125. Cokalin gishiri a ƙaramar tukunya ba ɗaya yake da cokalin gishiri a babbar tukunya ba. Don haka ba adadi ake kwatantawa ba, kaso ake kwatantawa.

A cikin ’yan ƙungiya, 60 ÷ 75 = 0.8, wato kashi 80 cikin ɗari. Mutum huɗu a kowane biyar sun shuka FARO 44. A cikin waɗanda ba sa ƙungiya, 60 ÷ 125 = 0.48, kashi 48 cikin ɗari, bai ma kai rabi ba. In aka haɗa manoman duka kuwa, 120 ÷ 200 = 0.6, kashi 60 cikin ɗari.

Yanzu ku yi tunani haka. An ce an zaɓi manomi ɗaya daga cikin 200 ɗin nan, ba a gaya muku komai a kansa ba. Yiwuwar ya zama mai FARO 44 kashi 60 ce. Sai aka raɗa muku cewa ɗan ƙungiya ne. Nan take yiwuwar ta hau zuwa kashi 80. Sanin abu na farko ya sauya hasashenku a kan na biyu, to suna da alaƙa. Da ba su da ita, da kason ya tsaya a 60 ko an gaya muku ko ba a gaya muku ba.

Gwajin ninkawa

Akwai hanya ta biyu, wadda ta fi sauri in akwai kwakuleta a wayarku. Ku zaɓi gurbi ɗaya. Ku ninka jimlar layinsa na kwance da jimlar layinsa na tsaye, ku raba da babbar jimla ta kusurwa. Abin da ya fito shi ne adadin da za a gani a gurbin in babu alaƙa.

A gurbin farko: 75 × 120 = 9,000, sai 9,000 ÷ 200 = 45. Amma a hoto 60 aka rubuta. An sami ƙarin mutum 15 a kan abin da ake tsammani. A littattafan sakandare ana rubuta wannan ƙa’ida da P(A ∩ B) = P(A) × P(B), kuma abu ɗaya take nufi: in A shiga ƙungiya ne, B kuma shuka FARO 44, to P(A) = 75 ÷ 200 = 0.375, P(B) = 0.6, sai 0.375 × 0.6 = 0.225, alhali 60 ÷ 200 = 0.3.

Da babu alaƙa, layin ’yan ƙungiya zai zama 45 da 30, na ƙasa kuma 75 da 50. Ku gwada da kanku: 45 ÷ 75 da 75 ÷ 125 duk 0.6 suke bayarwa. A jadawali mai layi biyu kwance da biyu tsaye, gwada gurbi ɗaya ya isa, domin jimlolin sun riga sun ɗaure sauran ukun. In layukan sun fi haka, misali an ƙara wani iri na uku, gurbi ɗaya zai iya dacewa wani ya saɓa, kuma saɓawar ɗaya tak ta isa a ce akwai alaƙa.

Abin da jadawalin bai faɗa ba

Bai ce shiga ƙungiya ne ya sa aka shuka FARO 44 ba. Yana iya yiwuwa ƙungiyar ce ke rabon irin. Yana kuma iya yiwuwa masu babbar gona da injin ban ruwa su ne suka fi shiga ƙungiya, su ne kuma dama suka fi sayen ingantaccen iri. Lambobi huɗu ba za su raba wannan gardama ba, sai an koma an tambayi manoman.

Sannan a ƙidayar gaske da wuya a sami daidai cif. In ana tsammanin 45 aka ga 46 ko 44, a takardar jarrabawa za a ce ƙa’idar ba ta cika ba, amma a gona wannan ɗan gibi yana iya zama dacen waɗanda aka tarar a ranar ne kawai. Tazarar 45 da 60 a cikin mutum 200 kuwa ta wuce a ɗora ta a kan dace.

Aikin aji

An turo hoton wannan jadawali na ɗalibai 150, amma yatsan mai ɗauka ya rufe gurbi biyu.

| | Akwai asusun banki | Babu asusu | Jimla |
|---|---|---|---|
| Mata | ? | 30 | 50 |
| Maza | 40 | 60 | 100 |
| Jimla | 60 | ? | 150 |

Ku cike gurbin biyu. Ku fitar da kason masu asusu a cikin mata, a cikin maza, da kuma a cikin ɗaliban duka. Sannan ku yi gwajin ninkawa a gurbin farko, ku kwatanta da lambar da kuka cike. Kowa ya rubuta amsarsa a jimla ɗaya ta magana, ya nuna wa na kusa da shi kafin a kawo wa malam.