Ka gaji tebur cike da aikin wani, ga masu ƙorafi a ƙofa: kurakuran da aka fi yi

Kuskuren da ya fi cin mutane shi ne su fara aiki kafin su ƙirga abin da suka tarar. An yi wa mai kujerar canjin wurin aiki, ya miƙo maka makullin kabad da takardar handoba shafi ɗaya, kai kuma don a ga ƙwazonka sai ka hau jawo fayil kana ta yi, to bayan wata biyu babu mai iya bambance wanda ya daɗe a hannunsa da wanda ya daɗe a hannunka, duk sun zama naka. A satin farko ka zauna ka rubuta komai: lambar fayil, mai shi, ranar da ya shigo, inda ya tsaya, me ya rage. Ka sa kwanan wata, ka tura wa oganka ta imel ko a takarda, ka riƙe kwafi. In ma bai amsa ba, an dai san ranar da ka faɗa.

A ce teburin biyan kuɗin tafiye-tafiyen ma'aikata ka gada, ka tarar da fayil 60. Da ka bi su ɗaya bayan ɗaya sai ka ga 25 sa hannu kawai suke jira, 20 babu rasit ko takardar izinin tafiya, 10 an rubuta musu "an biya" da biro amma babu shaidar biyan a ciki, 5 kuma masu su sun ce sun kawo amma ba ka gan su ba sam. Kowane kashi da maganinsa. Na sa hannu ka duba su ka fitar da su cikin satin, layin ƙofarka zai ragu nan take. Na rasit ka kira kowa ka gaya masa takamaiman takardar da ta rage, ba "fayil ɗinka bai cika ba" kawai ba. Waɗancan 10 ɗin su ne masu haɗari, kada ka sake biya kuma kada ka rufe su sai ka je wajen akanta an duba ko kuɗin ya fita da gaske, domin in aka biya sau biyu sa hannunka za a gani a na biyun. Biyar ɗin da suka ɓata kuwa, rajistar shigowar takardu za ka duba, in sunan mutum na ciki to ofis ne ya ɓatar, ka nemi kwafi a wajensa cikin mutunci.

Sai kuskuren bin mai ƙarfin murya. In ka fara yi wa wanda ya fi ɗaga murya, washegari kowa ya gane hanya. Ka bi tsufan fayil da kuma wanda jinkiri zai fi cutarwa, kuma ka gaya wa mutane tsarin da kake bi.

Yanzu maganar da ta fi zafi, mutum ya shigo ransa a ɓace wata huɗu yana zarya, ya sauke maka duka. Bakinka zai so ya ce ai ba ni ba ne, wancan ne ya bar shi haka. Gaskiya ne, amma wallahi ba ta amfane shi da komai ba, shi ofis ya kawo wa takardarsa ba mutum ba, kuma maganar za ta koma kunnen wanda ka gada, alhali gobe kana bukatar ka kira shi ka tambaye shi inda ya ajiye wani abu. Wasu kuma sai su faɗa ɗaya gefen, su yi ta ba da haƙuri kamar su suka yi laifin har su ce gobe in sha Allahu an gama, ba su ko buɗe fayil ɗin ba. Daga ranar da ka saɓa wannan alkawarin, laifin ya zama naka na gaske. Abin da ya fi shi ne ka ce, "Malam, ka yi haƙuri, abin ya daɗe kuma kana da gaskiya. Ranar kaza na karɓi teburin nan. Ba ni zuwa Alhamis in duba, zan kira ka in gaya maka inda ya tsaya." Alkawarin bayani ka yi, ba na biya ba, kuma Alhamis ɗin ka kira ko da labarin babu daɗi.

In wani ya ce tsohon mai kujerar ya riga ya yi masa alkawari da baki, kada ka ƙaryata shi, kada kuma ka cika, ka rubuta ka kai wa oga ya yanke. Haka in aka ce ka sa hannu da tsohon kwanan wata don fayil ya "daidaita", ka ƙi, ka sa na ranar da ka sa hannun, ka ƙara layi ɗaya a ƙasa cewa a haka ka tarar da shi.