Yadda Za Ka Shirya Katin Shaida Don Kada A Mayar Da Kai Daga Ƙofar Jarrabawa

Tun ranar rajista ake fara wannan shiri. Kafin ka cika fom, ɗauko takardar shaidar da za ka je da ita ranar jarrabawa, ka ajiye ta gabanka, ka kwafi sunanka harafi bayan harafi kamar yadda yake a jikinta. A jarrabawar Turanci ta IELTS, alal misali, fasfo ko katin ɗan ƙasar da ka yi rajista da shi, shi ɗin dai za ka kawo. Idan ka zo da wani, ko da sahihi ne, ba za a karɓa ba.

Takardun da aka fi karɓa su ne fasfo na ƙasa da ƙasa, katin shaidar ɗan ƙasa da lasisin tuƙi, wani lokaci da katin izinin zama ga baƙo. Fasfo ne ya fi su ƙarfi, kuma wanda zai rubuta jarrabawa a ƙasar da ba tasa ba, galibi shi za a nema a wurinsa. Katin makaranta yana aiki a jarrabawar cikin makarantar, amma da wuya ya wadatar shi kaɗai a waje. Takardar haihuwa kuwa ba ta da hoto, don haka ba ta nuna cewa kai ne mai ita.

Daga nan sai ka duba takardar da idon mai tsaron ƙofa. Abu huɗu yake nema: ta asali ce, wa'adinta bai ƙare ba, hoton jikinta yana kama da kai a yau, sannan akwai sa hannunka idan dokar jarrabawar ta buƙaci haka. Kwafi ba ya shiga, haka ma hoton kati a cikin waya, domin a sauƙaƙe ake sauya hoto ko suna a jikinsu. Ka auna wa'adin da ranar jarrabawa, domin fasfo na iya zama da rai ranar rajista ya mutu kafin ranar zama. Wasu jarrabawoyin da ake yi a cibiyoyin kamfanin gudanar da jarrabawa na Pearson VUE shaida biyu suke so: babba daga gwamnati mai suna da hoto da sa hannu, da ƙarama mai suna da sa hannu ko suna da hoto.

Batun suna ne ya fi kayar da mutane, kuma abin takaici ne, domin kati yana hannu ake hana su shiga. A ce fasfo yana ɗauke da Muhammad Sani Abdullahi, mutum ya rubuta Mohammed S. Abdullahi a rajista. A wurinsa suna ɗaya ne. Ma'aikaciyar cibiya kuwa allon kwamfuta take kallo tana kwatantawa da fasfo, kuma yawanci ba ta da ikon gyara ko harafi ɗaya. Hukumar jarrabawar ce ke gyarawa, ita ma kafin ranar. Saboda haka da zarar saƙon tabbatar da rajista ya iso, ka karanta sunan. In ka ga saɓani, ka rubuta musu nan take tare da hoton shafin fasfonka. Matar da ta sauya suna bayan aure ta tambaya tun da wuri ko za a karɓi takardar auren a matsayin hujja.

To, idan ka iso ka laluba aljihu babu kati fa? Fara duba agogo. Cibiyoyi da yawa suna son a iso minti 30 kafin lokaci, kuma suna iya mayar da wanda ya makara da fiye da minti 15. Idan akwai mai kawo maka katin cikin wannan tazara, kira shi, sannan ka sanar da shugaban masu sa ido halin da ake ciki. Ka nuna duk wata shaidar gwamnati da ke jikinka, ko tana cikin jerin da aka amince da shi.

Idan hakan bai yiwu ba, hukuncin ya danganta da irin jarrabawar. A manyan jarrabawoyi irin su na Turanci, TOEFL da IELTS, ba za ka zauna ba, kuma galibi kuɗin rajista ya tafi, sai ka sake biya ka zaɓi wata rana. Roƙo ba ya amfani, domin an kafa dokar ne don hana wani ya rubuta wa wani, kuma cibiyar da ta yi sassauci tana iya rasa izinin gudanar da jarrabawar. A makarantu da jami'o'i akan sami sauƙi: wasu sukan bar ɗalibi ya rubuta bayan ya cika fom an duba hotonsa a kundin makaranta, sannan a riƙe sakamakonsa har ya kawo katin cikin wa'adin da aka ba shi.

Kafin ka bar wurin, ka nemi a rubuta rahoton abin da ya faru, ka karɓi lambarsa idan akwai. Idan sace katin aka yi ko ɓata ya yi, haɗa da rahoton 'yan sanda ka aika wa hukumar a ranar, domin da waɗannan takardun za a duba roƙonka na sauya rana.