Wa ke da hannu a mararrabar da ba ta da alama? Kurakuran da direbobi suka fi yi

Mararrabar da ake magana a kanta a nan ita ce wadda hanyoyi biyu masu daraja ɗaya suka gitta juna, babu danja, babu allon da ke cewa a tsaya ko a ba da hannu, babu zane a kan kwalta, kuma babu jami'in da ke tsaye yana ba da hannu. Irin wannan mararraba ta fi yawa a cikin unguwanni, inda layuka suke haɗuwa tsakanin katangun gidaje. Idan motoci biyu suka iso bakinta lokaci ɗaya, ƙa'idar da aka sani a ƙasashen da ake tuƙi ta hannun dama ita ce, direba ya dakata wa motar da ta fito masa daga damansa. Haka yarjejeniyar zirga-zirgar ababen hawa da aka ƙulla a birnin Viyana a 1968 ta tanada a sashe na 18, kuma haka ake koyarwa a makarantun tuƙi na Nijar da sauran ƙasashen da suka gaji tsarin Faransa. Ƙa'idar gajeriya ce, amma wajen aiki da ita ne ake samun tuntuɓe, kuma yawancin tuntuɓen daga wuri ɗaya yake fitowa, wato ɗauko dokar wani wuri a kawo ta inda ba nata ba.

Kuskuren da ya fi kowanne yawa shi ne ɗauko dokar shataletale. Direban da ya koyi mota a Kano ko Kaduna ya saba da jin cewa a bar na hagu ya wuce, kuma wannan daidai ne a shataletale, domin motar da ta riga ta shiga tana zagayawa ta hagunka take fitowa, ita ce kuma mai hannu. Matsalar ita ce, mutum yakan riƙe wannan a matsayin dokar kowace mahaɗa, sai ya iso mararraba ya duba hagu, ya ga babu kowa, ya taka totur ba tare da ya waiwayi dama ba. Wanda ya ƙetare iyaka ta Jibiya zuwa Maraɗi, ko ta Illela zuwa Birnin Ƙonni, zai tarar da direbobin da aka koya musu cewa na dama ne mai hannu, kuma wanda ya fito masa ta dama zai shigo da ƙarfin gwiwa domin yana ganin haƙƙinsa ne. Maganin wannan ruɗani shi ne mutum ya daina haddace dama da hagu, ya riƙe abin da idonsa ke gani. A motar da sitiyarinta ke hagu, motar da ka hango ta tagar fasinjan gaba ita za ka dakata wa, wadda ka hango ta tagarka kuwa ita ce za ta dakata maka.

A ɗauki misali da motoci uku, domin a nan ne lissafin yake fitowa sarai. Tasi ta taso daga kudu ta nufi arewa, a-kori-kura ta taso daga gabas ta nufi yamma, babur kuma ya taso daga yamma ya nufi gabas, dukansu za su miƙe ne, kuma sun iso tare. Mai tasi yana fuskantar arewa, saboda haka gabas ce damansa, ke nan zai dakata wa a-kori-kura. Mai babur yana fuskantar gabas, damansa kudu ce, ke nan zai dakata wa tasi. Direban a-kori-kura yana fuskantar yamma, damansa arewa ce, kuma babu kowa a can, don haka shi ne zai fara wucewa, sai tasi, sai babur daga ƙarshe. Hanyar warware kowane irin wannan lissafi ita ce a nemo wanda damansa babu kowa, shi ne na farko, da zarar ya wuce kuma sai damar wani ta buɗe. Abin da kan faru a zahiri shi ne, mai babur yana ganin a-kori-kura ta tsare tasi, sai ya yi wuf ya kutsa, alhali mai tasi ya riga ya saki birki yana jiran bayan a-kori-kura ta fice, kuma hankalinsa duk yana dama. Nan ne ake buge babur a tsakiyar mararraba.

Idan motoci huɗu ne suka iso daga kusurwa huɗu, kowa yana da wani a damansa, ƙa'idar ba ta warware komai. Dole ne ɗaya ya haƙura ya yi wa na hagunsa alama da hannu ya wuce, daga nan sai lissafin ya koma daidai.

Wani kuskuren kuma kishiyar na farko ne, wato mutum ya koyi dokar dama sai ya yi ta aiki da ita a ko'ina. Wannan doka ta hanyoyi masu daraja ɗaya ce kawai. Wanda ya fito daga hanyar ƙasa ko wata 'yar burtali zai hau titi, ko ya fito daga gida, gidan mai ko wurin ajiye motoci, shi ne zai jira, ko da kuwa ta daman masu tafiya a titin ya ɓullo. Haka nan idan akwai allo, allon ne ke da magana ta ƙarshe. Allo mai kusurwa uku da tsininsa ke kallon ƙasa yana nufin ka ba da hannu, jan allo mai kusurwa takwas da aka rubuta STOP a jikinsa yana nufin ka tsaya cak, allo mai siffar lu'ulu'u da ruwan ɗorawa a tsakiya yana nufin hanyarka ce babba, allo mai kusurwa uku da baƙin gicciye a cikinsa kuwa yana gargaɗi ne cewa mararrabar da ke gaba ta masu daraja ɗaya ce, dokar dama za a bi. Wurin da ya kamata a yi hattara shi ne, allon da ya faɗi ko aka cire a gefenka yana iya kasancewa a tsaye a ɗaya hanyar, ko kuma mutanen unguwa sun daɗe da ɗaukar ɗaya layin a matsayin babba. Faɗin hanya kaɗai ba hujja ba ne. Direban da ke cewa ai layinsa ya fi faɗi yana dogara ne da abin da ɗaya direban ba lallai ya yarda da shi ba.

Sai batun masu fuskantar juna. Motoci biyu da suka iso gaba da gaba babu wadda ke daman wata, saboda haka idan duka za su miƙe, ko ɗaya za ta yi kwanar dama, babu rikici. Rikicin yana tasowa ne idan ɗaya za ta yi kwanar hagu, domin za ta yanke gaban mai zuwa. Mai kwanar hagu ne zai jira, kuma kunna sigina ba ya ba shi hannu, sanarwa ce kawai ta abin da yake niyyar yi. Yayin jiran ma, ya fi kyau tayoyin gaba su kasance a miƙe, domin idan wani ya buge shi ta baya tayoyin suna karkace, motar za ta faɗa gaban mai zuwa ne kai tsaye.

Akwai kuma masu kafa hujja da cewa su suka riga isowa. A yawancin jihohin Amurka ana la'akari da wanda ya riga isowa, dokar dama tana shigowa ne idan an iso tare. A tsarin Faransa kuwa, rigar da ka yi da 'yan taku kaɗan ba ta ba ka hannu matuƙar shigarka za ta tilasta wa na damanka taka birki. A Birtaniya ma littafin dokokin hanya cewa ya yi babu mai hannu a mararrabar da ba ta da alama. Wannan bambanci ya isa ya nuna cewa shawarar da mutum ya ji daga ɗan'uwansa da ke zaune a wata ƙasa ba lallai ta yi aiki a inda yake ba.  A ganina, duk lokacin da har za a yi gardama kan wanda ya riga, to an iso tare ne, kuma dokar dama ce ta dace a bi.

Kuskuren da ya fi ɗaukar rai bai shafi sanin doka ba, ya shafi gudu ne. Motar da ke tafiyar kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a kowace daƙiƙa. Daƙiƙa ɗaya da direba zai ɗauka kafin ƙafarsa ta kai birki mita 14 ke nan, birkin kansa a kan busasshiyar kwalta zai ci kusan wasu mita 14, jimla kusan mita 28. A kilomita 30 kuwa, jimlar ba ta wuce kusan mita 13 ba. A unguwar da katanga ta zo har bakin kwana, ko mai shayi ya kafa rumfa a kusurwa, direba ba ya ganin layin dama sai ya rage masa 'yan mitoci kaɗan, saboda haka mai gudun 50 ba shi da ikon ba da hannu ko da ya yi niyya. Yashi a kan kwalta yana ƙara tsawon birkin sosai. Gyaran shi ne a ɗage ƙafa daga totur tun da nisa, a ɗora ta a kan birki, a sauko giya ta biyu.

A fili kuma, inda babu katanga, akwai wani tarkon da mutane kaɗan ne suka san shi. Motoci biyu da za su iso mahaɗa lokaci ɗaya, kowacce tana zama a wuri guda a idon ɗaya direban, ba ta matsawa gaba ko baya a gilashi, girma kawai take yi. Ido kuwa motsi ya fi saurin kamawa. Ƙari a kan haka, wurin da take zama yakan faɗo daidai bayan ƙarfen da ke tsakanin gilashin gaba da tagar gefe, sai ƙarfen ya ɓoye ta har a zo gab da haɗuwa, musamman idan babur ne ko adaidaita sahu. Wannan ne dalilin da direba zai rantse cewa ya duba bai ga kowa ba, kuma gaskiya yake faɗi. Maganinsa shi ne a motsa kai gaba da baya a leƙa bayan ƙarfen, a kuma sauya gudu, domin rage gudu kaɗan yana fito da abin da ke ɓoye.

Hon da walƙa fitila su ma ba sa ba da hannu. Walƙa fitila ma ta fi haɗari, domin wani yana nufin ka wuce, wani kuma yana nufin ga shi nan tafe kada ka shigo. Girman mota shi ma haka ne, tirela ba ta fi babur hannu a doka ba, sai dai mai hankali ya san ba ta iya tsayawa a inda ƙaramar mota ke tsayawa. Motoci masu jiniya irin su motar asibiti, ta 'yan kwana-kwana da ta 'yan sanda ne ake ba wa hanya ko ta ina suka fito.

Idan aka riga aka yi karo, jikin motocin yakan faɗi abin da ya faru. Motar da ta ƙi dakatawa takan lalace a gaba ko a gefen dama, wajen ƙofar fasinja, mai hannu kuwa takan lalace a gaba ko a gefen hagu, wajen ƙofar direba. Saboda haka kafin a janye motocin daga wurin, a ɗauki hotonsu yadda suka tsaya, da sawun birki a ƙasa, da kusurwoyin mararrabar huɗu domin a nuna cewa babu allo a ko'ina. Dogon sawun birki a bayan motar mai hannu kuwa yana iya jawo masa nasa kason laifin, domin doka ta wajabta wa kowane direba rage gudu idan ya doshi mahaɗa, ko da hannun nasa ne.