Kurakuran da aka fi yi wajen tantance lasisin likita ko injiniya

Aikina ya shafi ɗaukar ma'aikata a wani ƙaramin asibitin kuɗi, kuma na gaji da ganin masu irin aikina suna faɗawa rami ɗaya a duk lokacin da aka ce su bincika ko wanda ya zo neman aiki likita ne na gaskiya. A Najeriya, Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori, wato MDCN, ita ce ke riƙe da rajistar likitoci, Majalisar Kula da Aikin Injiniya, wato COREN, kuma ta injiniyoyi. Kowa ya san wannan, amma kaɗan ne suka iya duba rajistar yadda ya kamata.

Kuskure mafi muni shi ne a tabbatar da lamba, a manta da mutumin. Kowane likita mai rajista yana da lambar da ake kira foliyo, kuma wannan lamba ba sirri ba ce, domin tana kan takardun da ya bari a duk wurin da ya taɓa neman aiki. Mun taɓa ɗaukar wani ya riƙa kwana a asibiti a ƙarshen mako, aka duba lambarsa, sunan ya fito daidai, aka ba shi mabuɗin ɗakin duba marasa lafiya. Wata babbar nas ce ta fara tsarguwa da ta ga yana juya takardar magani a hannu yana tambayar ta adadin da ake ba yaro na maganin zazzaɓin cizon sauro. Da muka koma kan takardunsa, shekarar da mai lambar ya kammala jami'a ta nuna ya kamata ya haura hamsin, shi kuwa wannan ko furfura ɗaya babu a gemunsa. Sai da muka bi duk marasa lafiyar da ya duba, muka kira su ɗaya bayan ɗaya, kuma har yau akwai iyalan da ba su sake taka ƙofarmu ba. Kada wani ya ce wannan sakacin ƙananan asibitoci ne kawai: a 2015 an kama wani da ya yi shekaru yana aikin likita a Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da takardun abokinsa.

Tun daga lokacin, ba na karɓar kwafin takarda. Ina neman ta asali, ina ajiye ta gefen katin shaidar ɗan ƙasa, ina kwatanta cikakken suna, da fuska, da jami'a, da shekarar kammalawa, sannan in kira asibitin da ya ce ya bari ta lambar wayar da na nemo da kaina. Wanda duk ya ce wannan cin fuska ne ga baƙo, ya tuna cewa ran ɗan wani za a danƙa masa.

Kuskure na biyu shi ne haɗa rajista da lasisi. Rajista tana nuna an taɓa shigar da mutum cikin kundin likitoci, lasisin aiki kuwa duk shekara ake sabunta shi, bayan biyan kuɗi da nuna shaidar ƙaro ilimi. Saboda haka lasisin bara ba ya amfani bana, kuma ni kowane watan Janairu nake karɓar sabo daga kowa, har da wanda ya girme ni a wurin. A duba kuma irin rajistar: ta wucin gadi ta sabon likita ce mai horon shekara ɗaya ƙarƙashin kulawar manya a asibitin da aka amince da shi, ba ta ba shi ikon zama shi kaɗai a asibitinka ba. Wanda ya ce shi ƙwararre ne a tiyata ko haihuwa, a nemi shaidar rajistar wannan ƙarin ƙwarewar daban.

Katin ƙungiya ba lasisi ba ne, ko na ƙungiyar likitoci ta NMA ne ko na ƙungiyar injiniyoyi ta NSE. Ga masu gini kuma, COREN tana yi wa rukuni huɗu rajista, daga injiniya har zuwa mai sana'ar hannu, don haka ganin suna bai isa ba sai an ga rukuni da fanni. Injiniyan lantarki ba shi ne zai sa hannu a lissafin rodin benenka ba.

Hoton allon waya da mai neman aiki ya turo ba bincike ba ne. Ka rubuta adireshin shafin hukumar da hannunka.

Idan kuwa sunan bai fito ba, kada ka yi gaggawar kiran mutum ɗan damfara, domin sauya suna bayan aure, ko bambancin rubutu irin na Muhammad da Mohammed, ko jinkirin sabunta shafin, duk suna ɓoye likitan gaske. Ka rubuta wa magatakardan hukumar a Abuja wasiƙa, ka haɗa da suna da lamba da kwafin lasisin, kuma kada mutumin ya taɓa majinyaci ko ɗaya kafin amsa ta zo a rubuce.