Masu nazarin waƙar fada, don Allah ku daina waɗannan kurakurai

Na gaji da karanta furojet ɗin ɗalibai a kan waƙoƙin fada, kowa ya zo da kuskure iri ɗaya kamar sun haɗa baki. Bari mu ɗauki Narambaɗa tunda shi kowa ke rugawa wajensa, makaɗin kotso, ubangidansa kuma Sarkin Gobir na Isa Amadu.

Babban abin da ke ɓata min rai shi ne yadda ake yi wa kambamawa. Yaro zai ji makaɗi ya kira sarki toron giwa, ko ya ce maza na gudu in sun hango shi a fagen fama, sai ya rubuta wai "a nan mawaƙin ya yi ƙarya domin ya samu kuɗi". Haba! Wani kuma ya ɗauki maganar a matsayin tarihi, ya ce ai sarkin mayaƙi ne. Duk biyun sun faɗi. Turawa sun ci Sakkwato a 1903, sarakunan da su Narambaɗa da Jankiɗi da Ɗanƙwairo suka yi wa waƙa galibi a zamanin En'e suka yi mulki, haraji da shari'a da rangadi ne aikinsu, ba yaƙi ba. Kuma duk wanda ke zaune a fadar ya san haka, har shi sarkin. To me ya sa ake ta maganar takobi da garkuwa? Saboda makaɗin yana jingina shi ne da kakanninsa da suka yi yaƙin, yana cewa wannan gadon nasa ne, ba na wani ba. Ni abin da nake yi, duk inda na ga zuga sai in rubuta a gefen takarda: wa ake so ya ji wannan? Sau da yawa amsar ita ce 'yan'uwansa 'ya'yan sarki da suka nemi sarautar suka rasa.

Wannan ya kawo mu kan zambo. In ka ji ana zagin wani biri ko kura ko wani mai ƙaton ciki ba a faɗi suna ba, kar ka ce wai mawaƙi ya saki layi. Yabon ne yake ci gaba, ana ƙasƙantar da abokin hamayya don ubangida ya ƙara tsawo, kuma mutanen garin sun san da wa ake.

Sai laƙabi, wanda ni kaina ya taɓa ja min kunya. Ina ɗalibi na ɗauki duk wani "na wane" da "baban wane" da "jikan wane" na zana bishiyar dangi da su, ina ta murna na gano asalin sarki, ranar kare aiki wani dattijon malami ya tambaye ni, to Shamakin nan da ke cikin amshin Bakandamiyar Narambaɗa, inda aka ce gwarzon Shamaki, wan sarki ne ko ƙanensa? Na yi tsuru-tsuru. Shamaki fa sarauta ce ta bayin sarki, mai kula da dawaki. Babi guda aka sa na sake. Makaɗi yana jingina sarki da bafadensa, da bawansa, da ɗansa ko ɗan ɗan'uwansa, duka da sigar nan ɗaya, "jikan wane" kuma yana iya tsallake kakanni da yawa ya kamo wanda ya fi suna. Maganinsa ba ya cikin laburare. Ka je garin, ka zauna da tsofaffin fadawa ko iyalan 'yan amshi, ka bi sunayen ɗaya bayan ɗaya. Wanda ba ka samu ba ka bar shi, kar ka ƙirƙira masa dangantaka.

Dangantakar makaɗi da ubangida ma ana yi mata karatun sama-sama, a ce maroƙi ne kawai. Makaɗin fada yana da sarautarsa, irin su Sarkin Taushi, sarki ne ke ba shi doki da riga da hatsi, wani lokaci har gida da gona. In ya lissafa kyautar da aka yi masa a cikin waƙa godiya ce, amma kuma tuni ne, musamman in ya ambaci abin da wani basarake ya ba shi a gaban nasa ubangidan. Kuma ku lura da inda yake wasa kansa, yana nuna wa sarki cewa shi ma ba a samun irinsa a ko'ina. Kar ku auna shi da ma'aunin Shata, wanda makaɗin jama'a ne da ke yi wa sarki da direba da ɗan kasuwa.

Ƙananan kuma: ku daina mayar da Sakkwatanci zuwa Hausar Kano in kuna rubuta waƙar, kuna karya mata kari. Ku raba abin da jagora ya faɗa da ƙarin 'yan amshi, kirarin sanƙira kuma ba ɗan waƙa ba ne. Sannan kaset ɗaya bai isa ba, waƙa ɗaya tana canza ɗiya daga wannan zama zuwa wancan, don haka ku faɗi wanne ɗauka kuka yi aiki da shi.